Darasi: Kare da Kyanwa a Gida Ɗaya

Abin da za mu koya

A wannan darasi za mu ga yadda ake kawo kwikwiyo gidan da ke da kyanwa ba tare da an kore ta ba, da yadda ake gane cewa abu zai ɓaci tun bai ɓaci ba, da kuma irin karen da ba ya haɗuwa da kyanwa ko an yi yaya.

Me ke haɗa su?

A ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, daga Dogon Daji da Sanyinna har Kuchi, ba don sha'awa ake ajiye dabbobin nan biyu ba. Kowanne da aikinsa. Idan kaka ta yi, aka cika rumbu da gero da dawa, ɓera kan tare a gida, kuma kyanwa ce maganinsa. Kare kuwa na gadin garke ne da gona, ko na farauta da rani. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi bayanin cewa ana ajiye kare saboda tsaron shuka, ko kiwo, ko farauta. Kyanwa kuma hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya nuna ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakanin mutanen gida. Shi ya sa a al'adarmu kyanwa ke shiga har ɗaki, kare kuma mazauninsa na bakin garke ko bayan gida.

Wannan rabon wuri ya sauƙaƙa mana aiki ƙwarai. Ba mu neman su kwana wuri guda ko su ci a kasko ɗaya. Abin da muke nema kaɗan ne: kyanwa ta ratsa tsakar gida, kare ya ɗaga kai ya dube ta, ya mai da kansa ya kwanta.

Abu ɗaya ke hana haka, wato kora. Kare dabba ce da aka halitta da son bin duk wani ƙaramin abu mai gudu. Kyanwa kuma in ta tsorata gudu take yi. Ranar da ya fara bin ta ya ji daɗin abin, gobe zai nema da kansa. Ita ma ta koyi cewa ganinsa na nufin gudu, gudun nata kuma shi ke ƙara zuga shi. Saboda haka duk dabarun da ke cikin darasin nan manufarsu guda ce: kada a bari korar farko ta faru.

Kowa da harshensa

Wani abin da ke ƙara rikita su shi ne alamomin jikinsu sun saɓa. Kare in yana kaɗa wutsiya sako-sako, jikinsa a sake, wasa yake nema. Kyanwa in tana kaɗa tata da ƙarfi tana bugun ƙasa, ranta ne ya ɓaci. Kwikwiyo sai ya ɗauka gayyata ce, ya matso, ya sha yakushi. Haka nan kare in ya kwanta ya buɗe ciki, ya sallama ke nan. Kyanwar da aka ritsa kuwa in ta juya ta kwanta rigingine, ta shirya faɗa ne da farcen ƙafafunta huɗu.

Mai gida ya fi bukatar ya iya karanta kare, domin shi ne mai iya kisa. Haushi da tsalle-tsalle ba su ne abin tsoro ba. Kwikwiyon da ya durƙusa da ƙafafun gaba, ya ɗaga baya, yana ɗan haushi, wasa yake roƙo. Abin tsoro shi ne shiru. Idan kare ya daskare, ya rufe baki, ya kafa wa kyanwa ido ba ƙiftawa, ya sunkuyar da kai yana taku a hankali, to farauta yake, ba wasa ba. A kira shi, in bai waiwayo ba a janye shi nan take.

A wajen kyanwa, kunnuwa a kwance, baya a gantsare, gashi a tashe, tana huci, duk suna cewa an matso da yawa. Huci ɗaya da mari ɗaya ba laifi ba ne, da haka take koya wa kwikwiyo iyakarsa. Idan kuwa ta zauna tana lasar jikinta a gabansa, ko ta zo wucewa wutsiya a miƙe sama, hankalinta ya kwanta.

Misali: gidan wani manomi a ƙasar Kebbe

Mu ɗauki misalin wani manomi mai awaki da tumaki a garken bayan gida. Gidan na da kyanwa mai shekara 2, tana kwana a ɗakin ajiyar hatsi. Bayan an yi masa satar akuya, sai ya yanke shawarar kawo kare. Maƙwabcinsa na da karya mai jego, 'ya'yanta sun yi sati 4.

Bai ɗauko a ranar ba, ya jira har kwikwiyon ya cika sati 8. Dalili kuwa, wanda aka raba da uwa da wuri bai koyi sassauta cizo a wajen 'yan uwansa ba. Bai kuma bari ya wuce wata 3 ba, domin daga sati 3 zuwa sati 12 ne lokacin da kwikwiyo ke karɓar abin da ya gani a matsayin na gida. Kyanwar da ya sani a wannan tsakani ba ya ɗaukar ta nama. Ita 'yar kyanwa nata lokacin ya fi gajarta, daga sati 2 zuwa sati 7. Wani bincike da aka buga a shekarar 2008 daga Jami'ar Tel Abib ya dace da wannan: zaman ya fi yin kyau idan kyanwa ce ta riga zuwa gidan, kuma idan an haɗa su tana ƙasa da wata 6, shi kuma bai kai shekara ba. Kyanwar manominmu ta wuce wannan lokaci, don haka ba a sa ran abota. Amma ita ce ta riga zuwa, kuma baƙon ƙarami ne, wannan ya isa.

Kafin kwikwiyo ya iso, sai da aka gyara gida. Uwargida ce ta fara magana.

"Malam, in ka kawo karen nan mussata ta bar gida, ɓeraye za su cinye mu."

"Ba za ta bari ba. Sama tata ce, ƙasa tasa. Ki nuna mini inda take bi."

Ta nuna masa hanyarta: daga ɗakin ajiya zuwa madafa, daga nan ta haye katanga. Sai ya kafa katako a jikin bango daidai ƙirjin mutum, ɗaya kusa da madafa, ɗaya a ƙarƙashin rumfa, ya jingina wani gungume da za ta taka ta hau. Can sama aka mai da kaskon abincinta da na ruwanta. A ƙofar ɗakin ajiya akwai wata kafa a ƙasa da take bi. Ya toshe ta, domin kwikwiyo mai sati 8 zai iya kutsawa ta nan. Ya buɗe mata wata a taga, mai faɗin kamar santimita 15. Dokar ita ce, duk inda kyanwa take a gidan, ta sami wurin hawa kusa, kuma kada a bar lungun da za a ritsa ta ba mafita. An yi wannan gyara kwana 3 kafin zuwan kwikwiyo, don ta saba da sabuwar hanya hankalinta kwance.

Shi kuma aka yi masa ɗan shinge a bakin garke, a inuwa. Dangar kara ba ta riƙe kwikwiyo, yana ture ta ya fita, sai da aka kewaye ƙasanta da tsohon kwano.

Kwanakin farko: hanci kafin ido

Kwana 3 na farko ba su ga juna ba. Dabbobin nan da hanci suke fara sanin juna. Aka sami tsumma biyu. Ɗaya aka goga a kumatun kyanwa aka ajiye inda kwikwiyo ke kwana, ɗayan aka goga a jikin kwikwiyo aka ajiye nesa kaɗan da kaskonta. Ranar farko ta shinshina ta yi huci ta bar wurin. Rana ta 3 ta ci abincinta tsumman na gefe. Wannan ce alamar a ci gaba. Da ta ƙi ci, da an ƙara kwana.

A rana ta 4 aka fara haɗa su ido da ido. An zaɓi safiya, bayan kwikwiyo ya ci ya yi wasa ya gaji, domin mai yunwa da mai ƙarfi a jika ba sa jin kira. Aka sa masa abin wuya na fata mai faɗi, wanda yatsu biyu ke shiga tsakaninsa da wuya, ba zarge ba. Babban ɗan gidan ya riƙe igiya, ya tsaya taku 10 daga katakon da kyanwa ke zaune. Ita ba wanda ya riƙe ta. Wannan wuri ne da mutane da yawa ke kuskure: a rungumo kyanwa a kai ta gaban hancin kare wai su saba. Kyanwar da aka hana gudu za ta yakushi mai riƙon, ta faɗo ta zura, kare ya bi. An jawo korar da ake gudu ke nan.

Ga yadda ake auna nisan. Idan kwikwiyo ya dubi kyanwa, a kira sunansa. In ya waiwayo, a ba shi ɗan abin daɗi, kamar guntun busasshen kifi ko ɗan ƙuli-ƙuli, a yaba masa. In bai waiwayo ba, ko ya ƙi karɓar abincin, an matso da yawa, a koma baya taku 3 a sake. Abin da yake koya shi ne ganin kyanwa na nufin ya juyo wajen mai shi. Minti 5 sun isa, safe da yamma. A tashi tun ana lafiya, kada a jira sai an gaji.

Kowace rana ana rage taku ɗaya ko biyu. Da sati ya cika sun kai taku 4, kyanwa na cin abincinta a sama yana kallo.

Ranar da aka yi sakaci

A rana ta 9 ƙaramin yaron gidan ya buɗe shinge ya manta. Kwikwiyo ya fito daidai lokacin da kyanwa ke ƙasa, ta zura, ya bi ta har gindin katanga. Yara suka sa dariya suna tafi, ɗayansu har da zuga shi.

Mai gida bai doki kwikwiyon ba. Duka a gaban kyanwa na koya wa kare cewa ganinta na jawo masa wahala, sai ya ƙara tsanarta, ko ya koyi jira sai ba kowa. Yaran ya tara.

"Kai, wa ya ce ku zuga shi?"

"Baba, wasa ne."

"Yau wasa ne don ƙarami ne. Nan da wata 6 in ya kama ta, girgiza ɗaya zai yi mata. Wanda ya sake buɗe shingen nan ba da izini ba, ni da shi."

Aka koma taku 10 kamar ranar farko. Kyanwa ta yi kwana 2 ba ta sauko tsakar gida ba, sai a kan katanga ake ganin ta. Uwargida ta riƙa lura da kaskonta. Wannan lura na da dalili: kyanwar da ta daina ci gaba ɗaya kwana 2 zuwa 3 tana iya kamuwa da ciwon hanta, ba kamar kare ba da ke jure yunwa. Sauran alamun cewa tsoro ya yi mata yawa su ne ta fara fitsari a kan buhu ko shimfiɗa, ko ta koma gidan maƙwabta. Tasu ta ci gaba da ci da dare, don haka aka san za ta dawo.

A sati na 3 aka bar kwikwiyo yana yawo a tsakar gida da doguwar igiya tana ja a ƙasa, ba a riƙe ba, amma babba na kusa. In ya yunƙura, a taka igiyar, a ce "Bari!" sau ɗaya, in ya juyo a ba shi lada. Wata rana ya matsa yana shinshinar ta, ta ɗauke shi da mari a hanci, ya yi ƙara ya ja da baya. Ba a tsawata mata ba, aka dai duba idonsa. Farcen kyanwa na iya tsaga fatar ƙwayar idon kwikwiyo. In aka ga yana runtse ido ɗaya, yana hawaye, ko idon ya yi hazo, a nemi malamin dabbobi a ranar. Kada a ɗiga masa maganin idon mutane, domin wasu irinsa na ƙara zurfafa irin wannan rauni.

Bayan sati 6 aka cire igiya da rana. Da dare kuwa, da duk lokacin da manya suka tafi gona ko kasuwa, kowa na wurinsa, har kwikwiyon ya shekara. Tsakanin wata 6 da shekara kare kan yi rawar kai ya manta abin da ya koya, sai a maimaita masa darasin igiya na 'yan kwanaki.

Kada a fahimci igiyar nan a matsayin ɗaure kare a turke wuni guda. Karen da ke ɗaure kullum yana kallon kyanwa na wucewa, cizon igiya yake yana tara haushi, ranar da ya tsinke kuwa ba kyau. Ga kuma zafin bazara, da kan haura digiri 40 a watan Afrilu a ƙasar Sakkwato, wanda ke iya kashe karen da inuwa ta gushe ta bar shi a rana.

Inda dabarar ba ta aiki

Babban karen farauta, wanda aka horar da bin zomo da gafiya, ko wanda ya taɓa kashe kyanwa ko kaza, ba a yi masa wannan gwaji da fatan za a sake shi. An shekara ana yaba masa a kan abin da yanzu ake son ya bari. Wani zai yi kamar ya saba, wata 2 lafiya lau, ranar da kyanwa ta zabura a gabansa shi ke nan. A ganina mafarauci ya haƙura da neman sulhu: karnuka a waje, kyanwa a ciki, katanga da ƙofa a tsakani. Haka ma karnuka biyu ko fiye, domin suna zuga juna. Kuma karen da ya saba da kyanwar gidansu zai iya korar ta maƙwabta, ita kaɗai ya sani.

Jego ma na sauya lissafi. Cikin kyanwa da na karya duk kusan kwana 63 ne. Mai jego a cikinsu takan far wa wanda ta saba da shi in ya doshi 'ya'yanta, kuma 'yar kyanwa ko da wasa kare ya danne ta ta mutu. A raba su har 'ya'yan su iya hawa sama da kansu.

Abinci da magani

Yawancin faɗan da ke tashi bayan an saba, a bakin kasko yake tashi. Kare na hadiye nasa a lokaci guda ya nemi na wani, kyanwa kuma ci take kaɗan-kaɗan ta dawo. Shi ya sa nata ke sama. Ranar yanka, ko ranar da aka ba kare ƙashi, a ba shi can cikin shingensa. Kare na iya rayuwa da tuwo da ɗan romo, kyanwa ba ta iyawa, dole ta sami nama ko kifi, in ba haka ba idonta da zuciyarta su lalace a hankali. Ɓeran da take kamawa na taimakawa, amma a ƙara mata kan kifi. Miyar da ta ji albasa da tafarnuwa kuwa ba ta dace da kowannensu ba, tana lalata musu jini.

Zamansu gida ɗaya na kawo wani hatsari da ba a cika lura da shi ba. Maganin kaska da ƙuma mai sinadarin fametirin, da ake zuba wa kare, guba ne ga kyanwa. Ko gogar jikin karen ta yi tana iya kama makyarkyata da farfaɗiya. A gaya wa mai sayar da magani cewa akwai kyanwa a gidan, kuma kada a yi wa ɗayansu wanka da maganin feshin gona ko na shanu. Farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Gidan da ke da su biyun kuma ya bar sa maganin ɓera, domin kare na cin abincin da aka sa wa gubar, kyanwa na cin ɓeran da ya ci.

Sai ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma ke ɗauka ta kuma sa wa mutum ta cizo ko yakushi. A yi wa kowannensu allurar rigakafi in ya kai wata 3, a maimaita kowace shekara. Ana tambayar ta a ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Idan faɗa ya kaure, kada a sa hannu a raba. A watsa musu ruwa, ko a sa faifai ko katako a tsakani. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira ya ga alama, domin in alama ta bayyana ba magani. Dabbar da ta yi cizon, in ta gida ce kuma da alamar lafiya, a killace ta kwana 10 ana ba ta ci da sha ana lura da ita. In ta sauya hali, tana dalala, tana cizon duk abin da ta samu, kada kowa ya yi ƙoƙarin kama ta, a kira malamin dabbobi.

Tambayoyi da aikin yi

1. Me ya sa manomin ya toshe kafar ƙasan ƙofa ya buɗe wata a taga?
2. Kare biyu na kallon kyanwa: ɗaya na haushi yana tsalle, ɗaya ya yi shiru ya daskare. Wanne za ka fara janyewa, kuma don me?
3. Ka kira kwikwiyo yana taku 5 daga kyanwa, bai waiwayo ba. Me za ka yi?
4. Kwikwiyo ya iso gida ran Litinin, ba a haɗa su ba sai a rana ta 4. Wace rana ce ke nan? In an haife shi a farkon watan Nuwamba, a wane wata za a yi masa allurar farko?
5. Zana gidanku a takarda. Nuna inda kyanwa za ta hau, da inda kare zai kwana a inuwa, da duk lungun da ba shi da mafita. Ku kawo zanen aji mai zuwa mu duba tare.